Me ya sa kuɗin duwan na injinan niƙana ya kusa ninka na abokina?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Na sayo injinan niƙa 40 daga Sin a kan sefa miliyan 6, na biya jirgin ruwa dubu 900 da inshora dubu 100. Tiranziter ɗina, mai fito mini da kaya daga tashar jirgin ruwa a Duwala, ya ce in tanadi kusan miliyan 4 na duwan, wato kwastam. Abokina ya kawo irinsu bara, kusan da wannan farashi, bai biya miliyan 2 da rabi ba. Cuta ake so a yi mini, ko kuwa akwai abin da ban gane ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka zargi kowa, ka roƙi abokin naka ya ba ka kwafin takardar bayanin kayansa, wadda muke kira dekalarasiyo, ka kuma ce wa tiranziter ɗinka ya turo maka lissafin da ya yi layi-layi, ba jimla kawai ba. A kowace takarda ka nemo abu biyu: darajar da aka ɗora wa kayan, da layin da aka rubuta DD, wato ainihin kuɗin duwan. Ka raba na biyun da na farkon. Idan nasa ya ba da kashi 10 cikin ɗari naka ya ba da 30, to lambar kayan ce ta raba ku. Idan kason iri ɗaya ne amma kuɗin ya sha bamban, daraja ce. Idan kuwa nasa sifiri ne ko kusa da haka, to wata takardar asalin kaya ce ya riƙe wadda kai ba ka da ita. Na yi shekaru ina wannan aiki tsakanin Duwala da Garwa, kuma duk rigimar kuɗin duwan da aka taɓa kawo mini, a ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi uku ta shigo.

Daga lambobin da ka ba ni, na fi zaton ta farkon ce. Bari in nuna maka dalili da lissafi.

Ba a kan miliyan 6 ɗinka ake ɗora haraji ba. A ƙasashen CEMAC shida, wato Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini, ana haɗa kuɗin kaya da na jirgi da na inshora har zuwa inda kayan suka shigo yankin. Shi ne abin da za ka gani an rubuta CAF. Naka ya zama miliyan 7 cif. Su kuma waɗannan ƙasashe suna da jadawali guda na kayan da suka fito daga waje, mai hawa huɗu: kashi 5 ga kayan larura, 10 ga ɗanyun kayan masana'anta da injinan sana'a, 20 ga kayan da ke tsaka-tsaki, 30 ga kayan masarufi da aka gama sarrafawa. Bayan kuɗin duwan sai TVA, wato harajin ƙarin daraja, wanda a Kamaru kashi 19.25 ne, kuma ana ɗora shi ne a kan daraja haɗe da kuɗin duwan, haraji bisa haraji.

Idan aka ɗauki injinanka a matsayin na sana'a, kashi 10 na miliyan 7 shi ne 700,000. TVA a kan 7,700,000 ya kama 1,482,250. Jimla 2,182,250. Idan kuwa aka ɗauke su kayan kicin na gida, kashi 30 shi ne 2,100,000, TVA a kan 9,100,000 ya kama 1,751,750, jimla 3,851,750. Akwai wasu ƙananan haraji da ake ƙarawa, kamar kashi 1 na haɗin kan CEMAC da kuɗin aikin kwamfuta, na ajiye su gefe don kada lissafin ya cakuɗe. Ka duba yadda lambobin nan biyu suka zauna daram a kan abin da abokinka ya biya da abin da aka ce ka tanada. Tazarar 1,669,500 ce, kusan sefa 41,700 a kan kowane inji. Wataƙila ribarka ke nan gaba ɗaya.

Lambar kaya

Duwan ba ya aiki da sunan da muke kiran kaya a kasuwa. Duk abin da ake saye da sayarwa a duniya yana da lamba a wani kundi da Hukumar Kwastam ta Duniya ke kula da shi daga Burusel. Ya fara aiki a 1988, ana yi masa kwaskwarima kusan duk shekara biyar. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a Sin da Najeriya da Kamaru, sannan kowane yanki ya ƙara nasa a baya ya rataya musu kason haraji. Saboda haka idan an ce "injin niƙa", ba a ce komai ba tukuna. Sai an san me yake niƙawa, wa aka ƙera wa shi, da me ke juya shi.

Injin da aka ƙera don niƙa hatsi da busasshen wake a matsayin sana'a, irin wanda ake kafawa a unguwa mata na aiko yara da kwanon masara, gidansa 8437. Wanda aka yi don markaɗen tumatir da tattasai ko niƙa gyaɗa a sana'ance ya fi kusa da 8438, na sarrafa abinci. Idan irin na gona ne, na haɗa abincin dabbobi, sai ya koma 8436. Duk waɗannan 'yan babi na 84 ne, babin injina, inda akasarin layukan ke kan kashi 10. Amma a babi na 85 akwai 8509, gidan na'urorin aikin gida masu motar lantarki a cikinsu, kuma a ƙarƙashinsa akwai 8509.40, na abin niƙa da abin gauraya abinci. Nan ne kashi 30 yake.

Akwai wani tarko a nan da har wasu 'yan'uwana masu wannan sana'a ke faɗawa. Sun haddace cewa na'urar da ta wuce kilo 20 ba ta shiga 8509, sai su ce wa mai kaya ya kwantar da hankalinsa tunda injinsa kilo 35 ne. Ƙa'idar kilo 20 gaskiya ce, amma bayanin da ke farkon babin ya ware abin niƙa abinci da abin gauraya shi da abin matse 'ya'yan itace, ya ce su komai nauyinsu suna shiga, muddin irin waɗanda aka saba amfani da su a gida ne. Ka ga nauyi kaɗai ba zai cece ka ba. Abin da zai fitar da kai shi ne ka nuna cewa injin ba irin na gida ba ne.

Me ke nuna hakan? Kilo nawa yake niƙawa a awa guda. Ƙarfin motarsa, da ko tana cin wuta mai layi uku wadda ba a samu a ɗakin girki. Ko motar a waje take ana haɗa ta da bel, domin 8509 na masu mota a ciki ne. Idan da dizal ko fetur yake aiki, magana ta ƙare, ba ruwansa da babi na 85. Ko ana ɗaure shi da kusoshi a kan siminti. Duk waɗannan suna cikin takardar bayanin inji da masana'anta ke bugawa, kuma ita ce shaidar da jami'i ke karɓa. Rantsuwarka ba za ta shiga kwamfuta ba.

To me ya sa aka jefa ka a kashi 30? Abin da na fi gani shi ne faktir, wato takardar kuɗin kaya da mai sayarwa ke bayarwa. Mai sayarwa a Sin ya rubuta kalma ɗaya tak mai nufin abin niƙa, ba samfuri, ba ƙarfi, ba komai. Wani lokaci ma ya liƙa lambar da ta dace da bukatarsa ta fitar da kaya daga ƙasarsu, ba tare da ya damu da abin da za ta jawo maka a nan ba. Jami'in da ya ga kalma mai fuska biyu, ɗaya na kawo wa baitulmali kashi 10 ɗaya 30, ba sai na gaya maka wadda zai zaɓa ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Shi ma tiranziter mai tsoron tara yakan zaɓi layi mai tsada don ya kwana lafiya, tunda ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba. Wannan ba sata ba ce, amma ragwanci ne, kuma kai ke biyan kuɗinsa.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, Alhaji: ban ga injinanka ba. Miliyan 6 a raba 40, kowane ya tashi 150,000. A wannan farashi ana samun ƙaramin injin sana'a, ana kuma samun wanda ake ɗorawa a kan teburi a jona da wutar gida don niƙa yaji. Idan naka irin na biyun ne, to mai yiwuwa tiranziter ɗinka ne ke da gaskiya, abokinka kuma ko dai injinansa daban ne ko ya tsallake rijiya da baya. Kada ka ɗauki abin da ya biya a matsayin hujja. Duwan na da ikon komawa kan takardun da aka riga aka sallama su bincika, kuma na ga mutanen da aka bi har shago bayan kayan sun daɗe da ƙarewa.

Abu biyu kuma game da lamba, tunda na san yadda ake cika kwantena. Kwance inji gunduwa-gunduwa ba ya mai da shi kayan gyara. Dokar fassarar kundin ta ce abin da aka kawo a kwance, ko wanda bai cika ba amma ya riga ya ɗauki siffar cikakken, ana ba shi lambar cikakken. Na biyu, abin da ka cusa a gefe yana bin lambarsa ne. Faifan niƙa da rariyar da aka ƙera wa injin musamman suna da layin kayan gyara a ƙarƙashin lambar injin, amma bel na roba gidansa 4010 ko da don wannan injin ka saye shi, injin dizal da aka kawo shi kaɗai kuma 8408. Idan akwai irin waɗannan a kwantenarka kuma ba a rubuta su daban ba, ranar da aka buɗe za a kira su kayan da ba a bayyana ba.

Daraja

A ce an gyara lamba, an dawo da kai kashi 10. Saura a yarda da miliyan 6 ɗinka. Kamaru da Cadi duka suna cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kuma yarjejeniyarta ta ce abin farko da ake dubawa shi ne kuɗin da aka biya da gaske, ko za a biya, a cinikin da ya kawo kayan. Ana ƙara kuɗin ɗauri da kwali idan kai ka biya, da la'adar dillalin mai sayarwa. La'adar wakilin da kai ka ɗauka ya saya maka ba ta shiga, muddin an rubuta ta daban. Haka kuɗin ɗauko kaya daga Duwala zuwa Ngawundare a jirgin ƙasa, da na mota zuwa Garwa, ba sa cikin daraja, domin kayan sun riga sun shigo ƙasa. Amma idan ka bari aka dunƙule maka komai a faktir ɗaya, a kan dunƙulen za a yi lissafi.

Jami'i na da damar ya yi shakkar farashinka ya nemi ƙarin hujja. Idan hujjar ba ta gamsar ba, ba ya yanke daraja da ka, akwai tsani da doka ta shimfiɗa: a duba kaya iri ɗaya sak da aka shigo da su a kusan lokacin, in babu a duba masu kama da su, in babu a ɗauki farashin da ake sayar da su a cikin ƙasa a cire riba da haraji da sufuri, in babu a lissafa kuɗin ƙera su, sai a ƙarshe a yi amfani da hankali bisa waɗannan hanyoyi. A aikace, matakai biyu na farko ne ke cin mutane, domin kwamfutar duwan, CAMCIS a Kamaru, tana riƙe da abin da waɗanda suka riga ka suka bayyana. Ga kayan da kuɗinsu ya kai miliyan 2 tun kafin a sa kuɗin jirgi, akwai kuma rahoton tantancewa da ake kira RVC, wanda ke ba da ra'ayi a kan daraja da lamba tun kafin a shigar da dekalarasiyo. Ka tambayi tiranziter ɗinka abin da aka rubuta a naka. Mai yiwuwa daga can lambar ta fito.

Ga abin da ƙarin daraja ke yi. Idan aka ce injinanka miliyan 8 suka kai, CAF ya zama miliyan 9, duwan 900,000, TVA 1,905,750, jimla 2,805,750. An ƙara maka 623,500. Da zafi, amma bai kai rabin abin da canjin lamba ya jawo ba. Shi ya sa nake mamakin 'yan kasuwarmu: za su kwana suna ja-in-ja a kan daraja, amma ba su taɓa tambayar lambar da aka sa wa kayansu ba.

Abin da ke kare daraja shi ne sawun kuɗi. Faktir, takardar odar farko, takardar banki da ke nuna an tura daidai wannan adadi ga daidai wannan kamfani, takardar jirgi, takardar inshora, duka su faɗi magana ɗaya. Nan ne mu mutanen arewa muke da rauni, domin da yawa muna ba wani kuɗi a hannu a Garwa ko Kano, ɗan'uwansa ya biya a can. Ciniki ya yi, amana ta cika, amma ba ka da abin nuna wa jami'i. Na taɓa yi wa wani bawan Allah aiki, ya kawo mini faktir da aka rage masa rabi, bai gaya mini ba. Da aka buɗe kwantena sai ga faktir na gaskiya a manne cikin kwali na farko, ma'aikacin masana'anta ya sa shi kamar yadda ya saba. Ya biya cikon haraji, ya biya tara, ya biya kuɗin kwanakin da kwantena ta yi a tasha ana jayayya, kuma daga ranar duk kayan da suka zo da sunansa sai an zazzage su. Ni ma na sha tambayoyi, tunda sa hannuna ne a takardar.

Asali

A kan kayanka wannan ƙofar ba za ta canza komai ba, kayan Sin cikakken haraji suke biya. Amma ka san ta saboda gaba, kuma don ka duba ko ita ce sirrin abokinka. Asali shi ne inda aka ƙera kaya, ba inda aka saye su ba. Injin Sin da ka saya a Dubai ko a Kano ɗan Sin ne har gobe.

Kamaru na da yarjejeniya da Tarayyar Turai, an fara rage haraji a ƙarƙashinta ranar 4 ga Agustan 2016, kashi-kashi, kuma injinan sana'a na cikin kayan da ake rage wa. Wanda ya kawo injin da aka ƙera a Italiya ko Jamus da shaidar asali, irin takardar EUR.1, yana iya samun layin DD ya sauka ƙasa sosai ko ya zama sifiri. TVA dai yana nan: a kan miliyan 7 zai biya 1,347,500. Ba na ce ka koma sayen na Turai ba, farashinsa na iya cinye rangwamen har ya nemi ƙari. Cadi ba ta cikin wannan yarjejeniya.

Wanda ya fi ruɗa mutanenmu shi ne Najeriya. Muna ganin Mubi da Yola kamar bayan gida, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma a idon jadawali Najeriya ƙasar waje ce, tana cikin ƙungiyar Afirka ta Yamma ne. Injin da maƙerin Kano ya haɗa, jadawalin da ke kan na Sin shi ke kansa. Yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta a farkon 2021, ta buɗe hanyar ragi, amma sai da takardar asali ta musamman, kuma sai kayan na cikin jerin da aka amince a rage. Kayan da aka ƙera a cikin CEMAC su ne ke wucewa ba kuɗin duwan, su ma sai masana'antar ta sami amincewa a kan wannan kaya kuma takardar asali na tafe da su.

Wannan na da amfani gare ka idan kana da niyyar kai wasu injinan Njamena. Biyan duwan a Duwala ba ya mai da su 'yan Kamaru. Idan ka sallame su a nan sannan ka haura da su ta Kusiri, ka tsallaka gadar Ngeli, ka shirya wa sake biya a can, da TVA na Cadi. Hanyar da ta dace ita ce tun a Duwala a ware na Cadi a sa su a tsarin wucewa, a ajiye jingina, su bi hanya a rufe, a biya sau ɗaya a inda za a sayar. Yadda ake sallama a ɓangaren Cadi, wannan sai ka nemi tiranziter na can, ni aikina a wannan gefen yake.

Abin da za ka yi a makon nan

Kada ka bari a shigar da dekalarasiyo tukuna idan ba a riga an shigar ba, domin gyara kafin shigarwa magana ce, bayan shigarwa kuwa shari'a ce. Ka sa mai sayarwa ya turo takardar bayanin injin daga masana'anta, da hotonsa, da hoton farantin ƙarfen da ke jikinsa mai ɗauke da samfuri da ƙarfin mota. Idan bayanin faktir bai cika ba, ya sake fitar da shi da cikakken suna, farashi kuwa kada a taɓa ko sefa ɗaya. Ka ce wa tiranziter ya rubuta maka lambar da ya zaɓa da dalilinsa, ya kuma duba dokar kasafin kuɗin bana, domin kowace Janairu takan zo da canji, kuma akan yafe haraji ga wasu kayan noma bisa lambarsu. Idan RVC ne ya zo da 8509 alhali takardun injin na nuna na sana'a ne, ana ƙalubalantarsa a rubuce da waɗannan takardu.

Idan duwan suka tsaya a kan bakansu kai ma kana da hujja, kana da haƙƙin neman dalilinsu a rubuce da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Amma kada ka bar kwantena a tasha kana jiran hukunci, kuɗin ajiya da na jinkirin mayar da kwantena suna hawa kullum. Ka nemi a sake maka kayan ka ajiye jinginar kuɗin da ake jayayya a kai, wato wajen miliyan 1 da dubu 670 ɗin nan, ta hannun banki. In ka yi nasara a warware jinginar, in ba ka yi ba a cire, injinanka dai suna Garwa ana sayarwa.

Ka turo mini hoton farantin da shafin farko na takardar injin. Ƙarfin motar da kilo nawa yake ci a awa nake so in fara gani.